4.3 Jaddadar Farkon Ɗango a Waƙar Roƙo da ta Koke

A wannan sashe za a duba dabarar nan da marubuci yake buɗe ɗangwaye biyu ko fiye, waɗanda suke bin juna, da kalma ɗaya ko da rukunin kalmomi iri ɗaya. Turawa sun aro sunanta daga Girkanci suna ce mata anafora, malaman balagar Larabci kuwa suna sanya ta a ƙarƙashin takrari. A nazarin salon waƙar Hausa, musamman ga masu bin hanyar Abdulƙadir Ɗangambo ta feɗe waƙa, tana shiga cikin abin da ake kira jaddadar ƙarfafawa. Da yake jaddada tana iya faɗowa a farko ko a tsakiya ko a ƙarshen ɗango, a nan za a riƙa kiran wannan nau'i da jaddadar farkon ɗango, kalmomin da ake maimaitawa kuma a kira su kan ɗango.

Abin da aka saba gani a kundayen ɗalibai shi ne a ƙirga sau nawa kalma ta fito, sannan a ce marubuci ya yi haka ne don ya jawo hankalin mai sauraro. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai isa ba, domin duk wata dabarar salo don jawo hankali ake yin ta. Ra'ayin wannan bincike shi ne, aikin jaddadar ba a cikin kalmomin da aka maimaita yake ba. Yana cikin abin da yake sauyawa a bayansu, da kuma wurin da marubuci ya daina maimaita su.

4.3.1 Bambancinta da Sauran Maimaici

Kafin a shiga misali, ya kamata a raba ta da makusantanta. Amshi ɗango ne ko baiti cikakke da yake dawowa bayan kowane baiti, kuma ba ya sauyawa. Amsa-amo gaɓa ce ta ƙarshe. Karangiya kuwa maimaita sauti ce, ba kalma ba. Akwai kuma jaddadar ƙarshe, wadda fitaccen misalinta shi ne waƙar Tabban Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta zo wa Hausawa ta hannun 'ya'yansa. A cikinta kalmomin da suka zama sunan waƙar su ne suke rufe baitoci, bayan an ambaci laifi da sakamakonsa, har da na masu mulki da alƙalai da suke zaluntar talakawa. Jaddadar ƙarshe hatimi ce, ana buga ta a kan maganar da aka riga aka gama. Ta farko kuwa alkawari ce, tana gaya wa mai sauraro cewa ga wata magana nan tafe irin ta baya, shi kuwa sai ya kasa kunne ya ji inda za ta bambanta.

Duk Bahaushen da ya yi makarantar allo ya san wannan tsari tun kafin ya san sunansa. A Suratut Takwiri, kalmar da take nufin "idan" ta buɗe ayoyi 12 daga cikin 13 na farko, kuma ba a ba da amsar sharaɗin ba sai a aya ta 14. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, daga aya ta 191 zuwa ta 194, kiran Ubangiji ya zo sau 5, sannan aya ta 195 ta zo da labarin amsa addu'ar. A wuraren biyu, maimaicin tarawa yake yi, kuma akwai wurin da ake sauke abin da aka tara. Ba a kawo wannan don a kwatanta Alƙur'ani da waƙa ba. An kawo shi ne don a nuna inda kunnen marubuci da na mai sauraro suka sami horo.

4.3.2 Baitocin Gwaji

Domin a ga yadda dabarar take aiki, mai wannan bincike ya tsara baitoci biyu na gwaji, ɗaya na roƙo, ɗaya na koke. Dalilin yin haka shi ne, nazarin yana buƙatar a cire kalma, a sauya wata, a juya ɗangwaye, kuma bai dace a yi wa waƙar wani wannan ɗibar karan mahaukaciya ba. An gina baitocin a kan rayuwar manomi a Yammedi da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo. Duk da madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992, manomin tudu mai gero da dawa da masara ruwan sama yake jira. Idan ruwa ya ɗauke bayan shuka, jama'a sukan fita sallar roƙon ruwa, kuma dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Ga baiti na farko:

Ya Rabbana mun shuka gero lafiya,
Ya Rabbana shukarmu ta zama tsintsiya,
Ya Rabbana yau babu sauran rijiya,
Ya Rabbana mun sai da sa har tunkiya,
Ka ji ƙanmu yau, shayar da mu, mu yi godiya.

Baitin ƙwar biyar ne, amsa-amonsa "ya", kuma yana kan karin Kamil mai ƙafa uku a kowane ɗango.

4.3.3 Abin da Kan Ɗango Yake Ci a Cikin Kari

Tun 1975 M. K. M. Galadanci ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa tana hawa karuruwan arulin Larabci, saboda harsunan biyu duka suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ƙafar Kamil ta asali ita ce gaɓa biyu marasa nauyi, da mai nauyi, da marar nauyi, da mai nauyi (vv – v –). An yarda gaɓoɓi biyu na farko su haɗe su zama mai nauyi guda (– – v –). Idan aka yanka ɗango na biyu, ga abin da za a samu:

yaa rab ba naa / shuu kar mu taa / za ma tsin tsi yaa
– – v – / – – v – / vv – v –

Abin lura a nan shi ne, "Ya Rabbana" ta cika ƙafa ɗaya cif, ba ragi ba ƙari. Wato kashi ɗaya cikin uku na kowane ɗango ya tafi kafin marubuci ya faɗi sabon abu. A cikin ƙafafu 15 na baitin, 4 sun tafi ga maimaici. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma shi ya sa mai nazari yake da haƙƙin ya tambayi abin da aka saya da su.

Haka kuma, ba kowane kira ne zai iya zama a wannan gurbi ba. "Ya Allah" gaɓa uku ce masu nauyi a jere, alhali gaɓa ta uku a ƙafar tana son marar nauyi, don haka ba ta hau ba; wurinta shi ne kari irin Mutadarak, inda masu nauyi suke iya jeruwa. "Ya Rabbi" ta hau gaɓa uku na farko, amma dole abin da zai biyo ta ya zama mai nauyi. Ke nan ba za a iya cewa "Ya Rabbi ka" a wannan kari ba, domin "ka" ba ta da nauyi. Wannan babbar matsala ce ga mai roƙo, tun da yake roƙon Bahaushe da "ka" yake tafiya. Ko bayan "Ya Rabbana" ma, idan "ka" ta zo, sai wata gaɓa marar nauyi ta dafa mata, kamar "ka ji" ko "ka tsare". Shi ya sa a ɗango na biyar aka sami "ka ji ƙanmu" da "ka", amma "shayar da mu" ba tare da ita ba. Saboda haka idan ɗalibi ya ga marubuci ya zaɓi wani suna na Ubangiji ya bar wani, kada ya yi gaggawar neman dalili a tauhidi kawai. Ya fara yanka ɗangon tukuna. Sau da yawa karin ne ya yi zaɓen, kuma rubutun boko na yau da kullum, da yake ba ya nuna tsawon wasali, yakan ɓoye wannan ga mai karatu da ido.

4.3.4 Abin da Yake Sauyawa a Bayan Kai

Idan aka rufe kan ɗango da hannu aka karanta saura, za a ga abubuwa huɗu a jere: shuka, bushewar shuka, ƙafewar rijiya, sayar da dabba. Wannan jeri ba na ganin dama ba ne. Shi ne yadda fari yake tafiya a ƙauye. Gona take fara nunawa, sai ruwan sha, sai a koma kan abin da aka ɗaure a turke. A cikin ɗango na huɗu ma akwai ƙaramin jeri, domin an fara sayar da sa, wanda shi ne ƙarfin huɗa, kafin a kai ga tunkiya, wadda galibi ta matar gida ce. Kalmar "har" ita ce take nuna an kai maƙura.

To, mene ne aikin "Ya Rabbana" a nan? Idan aka cire ta gaba ɗaya, abin da zai rage labari ne: mun shuka, ta bushe, babu rijiya, mun sayar. Kowa zai iya ba maƙwabcinsa wannan labari a bakin kasuwa. Idan kuma aka bar ta a ɗango na farko kawai, za a sami addu'a, amma mai sauraro zai ɗauki ɗangwaye huɗun a matsayin magana guda mai tsawo. Maimaita kiran ne yake yanka maganar gida huɗu, ya ba kowace masifa nata tsayawar, kamar mai ƙara da yake ajiye hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙali. Da yake kan bai motsa ba, kunne ba ya wahala a kansa, sai ya tattara hankalinsa a kan kalmomin da suka sauya, ya ji yadda suke ƙara nauyi.

Akwai kuma wani abu na nahawu. Kira ba jimla ba ce. Wanda ya ce "ya wane" ya ɗauki bashin magana, kuma a addu'a maganar da ake jira ita ce buƙata. A wannan baiti an yi kira sau huɗu ba a nemi kome ba. Ɗangwaye na ɗaya da na biyu da na huɗu suna cikin shuɗaɗɗen lokaci, na uku kuma korewa ce. Sai a na biyar ne aikatau na roƙo ya fito, kuma a daidai nan ne kan ɗango ya ɓace. Mai sauraro da ya saba da kiran yana jiran sa karo na biyar, sai ya ji "ka ji ƙanmu" a gurbinsa. Karin ma ya taimaka, domin wannan ne ɗango na farko a baitin da ya buɗe da gaɓa biyu marasa nauyi, ga shi kuma ya fi sauran yawan gaɓoɓi, yana da 14 alhali na farko yana da 12. Sauyin nahawu da na kari da na kai duk sun haɗu a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan liman yana addu'a ya san cewa a irin wannan gaɓa ce "amin" ta jama'a take fi ƙarfi.

4.3.5 Baitin Koke

Ga baiti na biyu, a kan kari da amsa-amo iri ɗaya:

Mu ne muke noman hatsi ba fariya,
Mu ne muke layi na taki tun jiya,
Mu ne muke zaɓe a ba wani dukiya,
Mu ne muke haƙuri da ƙunar zuciya,
Su ne suke girbi suna mana dariya.

A nan ma kai ƙafa ɗaya ce (muu nee mu kee), amma ginin ya bambanta. A baitin roƙo, kai yana nuna wanda ake yi wa magana. A na koke yana nuna masu maganar. Wannan ya dace da yanayin jigogin biyu, domin mai roƙo ya san wanda yake kira kuma ba ya jin tsoron ambaton sa, mai koke kuwa sau da yawa ba ya iya kama suna. Tarihin waƙoƙin siyasa na shekarun 1950, lokacin hamayyar NEPU da NPC, ya nuna cewa baki yakan ja wa mai shi ɗauri. Don haka mai koke yakan fara da kansa da jama'arsa, ya bar mai sauraro ya gano saura.

"Mu ne muke" ba daidai take da "muna" ba. Ta ƙunshi wakilin suna "mu", da dirka "ne", da lamirin lokaci mai ci na biyu, "muke". Bahaushe ba ya amfani da wannan gini sai yana son ya keɓe wani daga wasu. Idan aka ce "muna noman hatsi", an ba da labari. Idan aka ce "mu ne muke noman hatsi", ana nufin mu, ba wasu ba. Ke nan tun daga ɗango na farko akwai wasu mutane a cikin baitin da ba a ambata ba. Kowane maimaici yana ƙara nuna gurbinsu. A ɗango na uku an ɗan leƙo da su ta kalmar "wani", sannan aka sake rufewa. Kafin a kai na biyar, mai sauraro ya riga ya tambayi kansa sau huɗu: to, su wa ke nan ba sa yi?

Yadda aka karya jaddadar a nan ya sha bamban da na baitin farko. A can an jefar da kai ɗungurungum. A nan an riƙe shi, an sauya baƙi ɗaya tak a wuri biyu, "m" ta koma "s". Nauyin gaɓoɓi bai sauya ba, karin sautin kalmomin ma bai sauya ba. Saboda kusancin "mu ne muke" da "su ne suke" a kunne, nisan da ke tsakanin mai noma da mai girbi ya fi fitowa. A ganin mai wannan bincike, wannan karyawa ta fi ta farko kaifi, kuma ita ce ta fi dacewa da koke, domin koke kwatanci ne tsakanin ɓangare biyu. Da an buɗe ɗango na biyar da wata kalma dabam, alal misali "amma", da ma'anar tana nan, amma da an bayyana wa mai sauraro abin da ya kamata ya ji da kunnensa.

Wani abin kuma shi ne kalmar "girbi" tana komawa ga "noman" da ke ɗango na farko, ta tsallake uku na tsakiya. Jaddadar ce ta ba da damar wannan tsallake, domin ta riƙe ɗangwayen a matsayi ɗaya, ba ta bar na farko ya nutse ba.

4.3.6 Inda Dabarar Take Lalacewa

Ba duk maimaicin farkon ɗango ne salo ba. Ƙananan kalmomi irin su "da" da "a" da "ya" sukan buɗe ɗangwaye a jere don kawai nahawu ya tilasta, ko don gangara ta kawo su can. Ɗalibin da ya ƙirga waɗannan ya ƙirga iska. Alamar jaddada ta gaskiya ita ce, abin da ya biyo bayan kai yana da gini iri ɗaya a kowane ɗango, kamar yadda suna mai nuna aiki ya biyo bayan "muke" sau huɗu: noma, layi, zaɓe, haƙuri.

Matsalar da ta fi yawa ita ce kai ya zama ciko. Tun da yake "Ya Rabbana" ƙafa ce shiryayyiya, marubucin da ƙafa ɗaya ta yi wa ƙaranci zai iya ɗora ta ya wuce. Hanyar gane wannan ita ce a juya ɗangwayen. Idan aka ɗauki ɗango na huɗu na baitin roƙo aka kai shi farko, baitin ya rikice, domin an sayar da sa kafin a yi shuka. Wannan yana nuna jerin yana da aiki. Idan kuwa aka juya ɗangwaye ta kowace fuska ma'ana ba ta girgiza ba, to lissafi ne kawai aka rataya a jikin kalma ɗaya. Idan aka yi wa baitin koke wannan gwaji, za a ga bai kai na roƙo tsauri ba: ana iya musanya ɗango na biyu da na uku ba tare da babbar asara ba. Na farko da na huɗu ne ba sa motsuwa, na farko saboda "girbi" tana jiran sa, na huɗu kuma saboda shi ne ya shiga zuciya bayan uku sun tsaya a kan aikin jiki, kuma dariya ta fi ciwo idan ta zo daf da ƙuna.

Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, musamman a waƙar roƙo. Akwai waƙoƙin tawassuli da suke jera sunayen Allah ko na annabawa ko na waliyyai a baitoci masu yawa da kai ɗaya, ba tare da wani hawa ba, kuma ba tare da karyawa ba sai a rufewa. Idan aka auna su da ma'aunin da ya gabata za a ce sun gaza, alhali ba abin da suke nema ke nan ba. Su kusa suke da zikiri, inda yawan ambaton shi kansa ibada ne, kuma ana rera su ne a cikin jama'a, inda sanannen kai yake ba wanda bai haddace waƙar ba damar shiga baki a farkon kowane ɗango. Saboda haka kafin mai nazari ya yanke wa irin wannan waƙa hukunci, sai ya tantance ko an tsara ta ne don a gabatar da buƙata ɗaya, ko don a daɗe ana ambato. Waƙar koke ba ta da wannan uzuri. Idan "mu ne muke" ta kai baiti goma ba a ji "su" ba, masu sauraro za su fara amsa ta da baki hankalinsu yana wani wuri, ƙarar kuma ta koma kirari.